Yadda Ruwan Zafi Ke Ajiye Ma'adinai a Cikin Dutse

Yawancin jijiyoyin kuza, tutiya, dalma da zinariya da ake haƙa a duniya ruwa ne ya ajiye su. Ruwa ne mai gishiri wanda ke yawo a tsagogin dutse can ƙarƙashin ƙasa, kuma zafinsa yakan kama daga digiri 200 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas. Nauyin duwatsun da ke danne shi ne ke hana shi tafasa ya tsere. Tsaunin Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano ya isa misali, domin a can akwai jijiyar kuza da tutiya mai tsawon kusan kilomita 5, wadda ta ratsa dutsen giranit daga gabas zuwa yamma.

A jijiyoyin kuza irin ta Riruwai, asalin ruwan daga narkakken dutse yake. Sa'ad da giranit ke hucewa, ma'adinan da suka fara daskarewa ba su da gurbin da za su karɓi ruwa ko kuza. Saboda haka ruwa da kuza da sinadaran kulorin da fulorin sai su yi ta taruwa a ragowar narkakken, har ruwan ya ware kansa ya hau can sama, ƙarƙashin rufin dutsen. Idan matsi ya yi yawa rufin yakan tsage, ruwan ya kutsa cikin tsagar.

Ruwa zalla ba ya iya ɗaukar kuza. Gishirin ne ke yin dakon: kulorin yakan haɗe da ƙarfen ya riƙe shi a narke, muddin ruwan na da zafi da tsami, kuma iskar oksijin ta yi ƙaranci. A dutse na yau da kullum kuza ba ta wuce giram 2 zuwa 3 a tan guda, alhali jijiyar da ta cancanci haƙa tana bukatar kilo da dama a tan. Ke nan sai ruwa mai ɗimbin yawa ya bi ta ƙaramar hanya guda, ya kuma sauke kayansa a wuri ɗaya.

Saukewar ita ce abin da ya fi shafar mai neman ma'adinai. Ana rubuta ta haka:

```
SnCl2 + 2H2O = SnO2 + 2HCl + H2
```

Wato narkakkiyar kuza ta koma baƙar tsakuwar nan mai nauyi da ake wankewa a kwano, amma a lokaci guda ana samun asid. Idan asid ɗin ya tsaya a cikin ruwan, saukewar za ta tsaya cik. A nan bangon tsagar ke shigowa. Giranit cike yake da ma'adinin felsifa, shi kuwa felsifa yana shanye asid, ya rikiɗa ya zama kwaz da maika mai ƙyalli. Duk lokacin da bango ya shanye asid, wata kuzar ta samu damar sauka. Dutsen da ya rikiɗa haka shi ake kira girisin, kuma a Riruwai shi ne ke rungume da jijiyoyin kwaz ta gefe biyu, daga bayansa kuma giranit ɗin ya yi ja kafin ya koma kalarsa ta asali. Hucewar ruwa, da tafasarsa idan tsaga ta buɗe matsi ya ragu, da gaurayarsa da ruwan sama mai sanyi, duk suna taimakawa.

Ƙarafan ba sa sauka tare. Kuza da wulfuram sukan riga, tun ruwan na da zafi sosai; tutiya da dalma sukan biyo baya, haɗe da farar wuta, bayan ya ɗan huce. Ana gane wannan a dutsen da injin tono ya zaro: jijiyar da ta yanke wata ita ce ƙanwa. Zafin ruwan ma ana iya auna shi, domin ɗigo-ɗigonsa sun maƙale a cikin kwaz. Akan ɗumama siririn yankin dutsen a ƙarƙashin madubin ƙara girma har kumfar da ke cikin ɗigon ta ɓace, wannan zafin shi ne mafi ƙarancin zafin da ruwan ke da shi ranar da ya maƙale.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar girisin a matsayin tabbacin kuza. Girisin shaida ce cewa ruwa mai tsami ya wuce, ba ya faɗin abin da ya ɗauko. Sai an yanki samfur a faɗin jijiyar an kai ɗakin gwaji. Saman ƙasa ma yana ruɗi. Ruwan damina yana cinye ma'adinin tutiya ya bar tsatsa da ƴan ramuka, ita kuwa kuza ba ta ruɓewa, sai ta gangara rafi ta taru a yashi, kamar yadda aka daɗe ana wanke ta a tsaunukan Jos. Jijiyar da ta yi kamar ba ta da tutiya a sama tana iya kasancewa cike da ita a ƙasa da inda ruɓewar ta tsaya, shi ya sa ake kai tono har cikin ɗanyen dutse kafin a ƙiyasta arzikinta.