Sigarin Lantarki: Tururi a Madadin Hayaƙi

Sigarin lantarki 'yar na'ura ce mai batir da ke dafa wani ruwa har ya koma tururi, mai sha ya zuƙa. Babu ganyen taba a ciki, ba a kuma kunna mata wuta. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin ta zamani a 2003.

Akasarin ruwan haɗin sinadarai biyu ne, furofilin gilaikol da giliserin. Na farko shi ke riƙe ɗanɗano ya kuma ɗan karci maƙogwaro. Na biyu mai kauri ne, shi ke ba da farin tururin nan da ke turnuƙe ɗaki. Sai a zuba ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a, sannan nikotin, sinadarin da ke hana mashayin taba dainawa. Tarayyar Turai ta kayyade shi a miligiram 20 cikin kowace mililita. Ke nan ƙaramar na'ura mai mililita 2 tana iya ɗaukar miligiram 40, ga daɗin baki, shi ya sa matashi kan kamu tun bai ankara ba.

A cikin na'urar akwai siririyar waya nannaɗe da auduga. Audugar tana tsotso ruwan kamar lagwanin fitila. Da an zuƙa, batir ya tura wuta, wayar ta yi zafin da yawanci ya ɗan haura digiri 200. Bakin karan sigari kuwa yana kaiwa wajen digiri 900, kuma a wannan ƙunar ake samun kwalta da gubar iskar kabon monoksaid. Rashin ƙuna ya sa gubar tururin ba ta kai ta hayaƙi ba. Amma idan ruwa ya ja baya audugar ta bushe, zafi yakan wuce kima, sinadaran su tarwatse su haifar da fomaldehaid, wanda ke jawo ciwon daji. Alamar ita ce ɗanɗanon ƙauri mai ƙona maƙogwaro. Ita ma wayar tana sakin ɓurɓushin ƙarfe.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Ciwon dajin huhu yakan ɗauki shekaru ashirin zuwa talatin kafin ya bayyana, na'urar kuwa ba ta daɗe haka a hannun jama'a ba. Yawancin masu shanta sun taɓa shan sigari, don haka da wuya a tantance wanne ya yi ɓarnar. Kayan ƙamshin kuma an gwada su ne don ci, ba don shaƙa ba.

Wani haɗarin ya riga ya fito fili. Daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutane sama da 2,800 a asibitocin Amurka da ciwon huhu, 68 suka rasu. An alaƙanta abin da man bitamin E da ake gaurayawa a ruwan wiwi na bayan fage.

Mashayin da ya bar sigari gaba ɗaya ya koma wannan ya rage gubar da yake shaƙa. Wanda bai taɓa sha ba kuwa, babu ribar da zai samu sai jarabar nikotin.