Ƙaurar rumbun bayanai: a ina ake iya juyawa baya?

A ƙarshen makon 20 zuwa 22 ga Afrilu 2018, bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan cinikinsa fiye da miliyan 5 daga tsohon tsarin Lloyds zuwa sabon tsarin da Sabadell ya gina. Bayanan sun isa, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar nauyin jama'a. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka ga asusun da ba nasu ba. A Disamba 2022 hukumomin Birtaniya suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Mafi muni, da aka buɗe sabon tsarin babu wata hanya mai sauƙi ta komawa tsohon.

Shi ya sa ƙwararru ke raba irin wannan ƙaura zango-zango. Da farko a ɗauki cikakken kwafin tsohon rumbu, sannan a gwada dawo da shi a wata na'ura daban. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba abin dogaro ba ne. Daga nan a kwafe bayanan zuwa sabon rumbu, a bar duk canjin da aka yi a tsohon yana bin sawu. Har zuwa nan, in an ga matsala, a share sabon kawai, babu abin da aka rasa.

Zango na uku shi ne na tantancewa. A dakatar da shigar da sabon bayani, a yi wa rumbunan biyu tambaya ɗaya:

```sql
SELECT COUNT(*), SUM(balance) FROM accounts;
```

A ce tsohon ya nuna asusu 40,000, sabon ya nuna 39,997. Uku sun ɓace a hanya. A allon bibiyar aikin sai a rubuta `NO-GO` a gaban wannan zango, a buɗe tsohon rumbu ya ci gaba da aiki, a nemi dalili da rana. Ko da adadin ya zo daidai, in jimlar kuɗin ta bambanta da kwabo ɗaya, hukuncin bai canza ba.

A ganina, nan ne asirin yake: tun kafin daren ƙaura a rubuta sharuɗɗan `GO` da lambobi, a ambaci mutum ɗaya da zai yanke hukunci, a kuma sa lokacin da in ya wuce dole a juya. Da ƙarfe uku na dare, ga gajiya ga matsin lambar manya, "ai kusan daidai ne" yana saurin shiga kunne.

Zango na ƙarshe ya fi haɗari. Da zarar sabon rumbu ya karɓi cinikin farko, tsohon ya zama tsohon labari, komawa gare shi na nufin zubar da duk abin da aka shigar tun daga lokacin. Maganin shi ne a juya akalar kwafin, sabon rumbu ya riƙa aika canje-canjensa zuwa tsohon, kuma kada a kashe tsohon sai an wuce lokacin cunkoso na gaske, kamar ranar biyan albashi.