Shek Sante: abin da ke sa a ƙi biyan asibiti, da yadda za ka kiyaye

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan mako.

Da yawanku a Garwa da kewaye kun san Shek Sante, takardar da mai juna biyu ke saya a kan sefa 6,000, wato jaka shida. Ita ke ɗaukar nauyin awon ciki, da hoton ciki, da haihuwa, da tiyata idan haihuwar ta zo da gardama, da kula da uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. An fara ta ne a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, kuma tana cikin shirin kiwon lafiya na kowa da kowa da gwamnati ta ƙaddamar a watan Afrilun 2023.

To, ka san jaka shida ba ta biyan tiyata. Asibiti ne ke fara yin aikin, daga baya ya tattara takardunsa ya aika ofishin shirin yana neman a biya shi. A can akwai likita mai tantancewa, wanda bai ga matarka ba, bai ga jaririn ba, takarda kawai yake gani. In abin da ke rubuce bai yi daidai ba, sai ya ƙi amincewa.

Kada ka ce wannan matsalar asibiti ce. Ƙaramin asibitin da aka ƙi biya ba zai iya sake cika kantar magani ba. Gobe in matar ƙaninka ta zo, sai a rubuta mata magani a ce ta sayo a waje, alhali shek ɗinta na hannunta.

Kuskuren suna da lamba

Mu ɗauki misali. A ce makiyayi ne a wajen Pitowa, matarsa na da ciki wata huɗu, ya saya mata shek. Ma'aikacin ya tambayi suna, ya rubuta da rubutun Faransanci: Aissatou Oumarou. Rani ya yi, aka tashi da shanu zuwa gefen Lagdo. Naƙuda ta kama ta da dare, aka kai ta wani asibiti, takardar kuwa an bar ta cikin kaya a ruga. Surukarta ce ta ba da suna, ta ce A'i, aka haɗa da sunan miji maimakon na uba. Lambar shek kuma aka karanto ta waya, aka juya lambobi biyu.

Wajen mai tantancewa, wannan mata biyu ne: ɗaya ta sayi shek ba ta haihu ba, ɗaya ta haihu ba ta da shek. Ka ga dalilin ƙin biya ya samu, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Maganin abu ne mai sauƙi. Sunan da aka rubuta ranar sayen shek, shi za a riƙa bayarwa ko'ina, harafi da harafi. Hadidja da Hadiza suna ɗaya ne a kunne, amma a na'ura ba ɗaya ba ne. In al'ada ta hana matar ko surukai ambaton wani suna, to a miƙa takardar kawai a kwafa. Ka ɗauki hotonta a wayarka, ita kuma ta asali a sa ta cikin leda tare da katin awo, a jakar matar, ba a aljihunka ba, don kai kana iya kasancewa a kasuwa ko daji ran da za a neme ta.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga ma'aikata. Kowane aiki yana da lambarsa da farashinsa: awo daban, haihuwa daban, tiyata daban. In aka yi tiyata aka shigar da lambar haihuwar lafiya, asibiti ya yi asara. In aka shigar da lambar tiyata alhali littafin asibiti bai nuna an yi ta ba, sai a ƙi biya, har a yi zargin cuta. Haka in aka shigar da aiki ɗaya sau biyu. Naka a nan shi ne, kafin ku bar asibiti, ka sa wanda ya iya karatu ya duba katin: kwanan wata daidai ne? Abin da aka rubuta shi aka yi? Kada kuma ku sa hannu ko dangwale a takardar da ba a cike ba.

Takardar da ta ɓace

Mu koma ga matar nan. A ce haihuwa ta gagara a ƙaramin asibiti, aka ce a wuce da ita babban asibiti a Garwa. A nan ungozoma ke rubuta takardar turawa, mai nuna dalilin da ya sa aka tura ta. A cikin ruɗewa, dangi kan tari mota su tafi ba su karɓa ba, ko su karɓa ta salwanta a hanya. Wannan takardar ce shaidar cewa aikin babban asibiti ya biyo hanyarsa. Kar ka tsayar da mai naƙuda saboda takarda, rai ya fi. Amma a bar mutum ɗaya ya karɓo ta ya biyo baya.

Sai ku 'yan kasuwar iyaka. Shek na aiki ne a asibitocin da shirin ya amince da su a Kamaru, ba kowane asibiti ba. In matarka za ta je haihuwa gidan iyayenta a Yola ko Mubi, shek ɗin ba zai bi ta can ba, kuma rasit ɗin da ka kawo daga can ba shi za a biya ba. Kai makiyayi ma, kafin ku tashi, tambayi inda kuka saya wane asibiti ne ke karɓarta a inda za ku sauka.

Makara

Makara iri biyu ce. Ta farko taku ce. Kwana 42 ake ƙirgawa daga ranar haihuwa. Wadda ta haihu ran 1 ga Maris, ƙirgenta na cika ran 12 ga Afrilu. Mu kuwa a al'ada mai jego ba ta cika fita ba sai ta yi arba'in, ka ga saura kwana biyu ke nan. In aka ce bari a jira ranar kasuwa, shi ke nan, lokaci ya wuce, duk abin da aka yi sai daga aljihunka. Don haka awon bayan haihuwa kar ya jira arba'in. In kuwa an ga zazzaɓi, ko zubar jini, ko jariri ya ƙi kama nono, ranar za a tafi.

Ta biyu ta asibiti ce. Akwai wa'adin da aka ba su na aika takardun neman biya, kuma wanda ya makara yana iya rasa kuɗinsa. Sau da yawa fayil ɗaya ne ke jiran wani abu daga wajenku: lambar shek, ko takardar turawa, ko sa hannu. In aka kira ka aka ce kawo takarda, kar ka ce sai ka dawo daga fatauci, aika yaro da ita.

In kuma aka nemi ka biya abin da kake ganin shek ya ɗauka, tambayi dalili cikin ladabi, ka karɓi rasit, ka kai wa shugaban asibitin ko wakilin shirin tare da takardarka. Kuskuren suna ko lamba ana iya gyara shi in an gano da wuri.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu. Sai mako mai zuwa.