Beta da R²: Yadda Ake Auna Biyayyar Hannun Jari ga Kasuwa

Duk wanda ya buɗe shafin wani kamfani a Yahoo Finance zai ga wani ɗan layi da aka rubuta "Beta (5Y Monthly)", da lamba a gabansa, wataƙila 0.6, wataƙila 1.4. Masu saka jari da yawa suna ɗaukar lambar kamar hukuncin alƙali: idan ta haura 1 akwai haɗari, idan ta gaza 1 a kwanta a yi barci. Alhali kuwa lambar kintace ce da aka ciro daga watanni 60 na tarihin farashi, kuma tana da abokiyar tafiya mai suna R² wadda shafin bai nuna ba. Ba a iya sanin nauyin beta sai an ga abokiyar tata.

Tunanin ya samo asali ne daga William Sharpe, masanin tattalin arziki ɗan Amurka. A 1963 ya kawo shawarar cewa maimakon a riƙa kwatanta kowane hannun jari da kowane ɗan'uwansa, aikin da ba ya ƙarewa, a kwatanta kowanne da kasuwa gaba ɗaya. Motsin farashin kamfani, a ganinsa, kashi biyu ne: wanda guguwar kasuwa ta jawo, da wanda ya taso daga cikin gidan kamfanin kansa. A 1990 ya samu kyautar Nobel tare da Harry Markowitz da Merton Miller.

Aikin yana farawa da sakamakon kowane wata, ba da farashi tsagwaronsa ba. Idan hannun jari ya shiga wata yana naira 200, ya fita yana naira 206, kuma a cikin watan an raba wa masu shi ribar naira 4, to ya samar da naira 10 a kan 200, wato kashi 5 cikin 100. Haka za a yi wa ma'aunin kasuwa. A Amurka akan ɗauki S&P 500; a Legas kuwa akwai All-Share Index na kasuwar NGX, wanda aka fara lissafinsa daga Janairun 1984 da maki 100.

Daga nan sai a zo kan takarda. Layin kwance na kasuwa ne, layin tsaye na kamfani, kowane wata kuma ɗigo ɗaya. Bayan an gama ɗigawa sai a nemi miƙaƙƙen layi ɗaya da zai ratsa tsakiyar ɗigogin, wanda idan aka auna tazarar kowane ɗigo daga gare shi, sama ko ƙasa, aka ninka kowace tazara da kanta, aka tara, jimlar za ta fi ta kowane layi ƙanƙanta. Wannan hanya ce masana ƙididdiga ke kira rigireshan. Yadda layin ya karkata sama shi ne beta: duk lokacin da kasuwa ta ƙara maki ɗaya, maki nawa layin ke hawa?

Ga misali na koyo da watanni biyar kacal, don a iya bin lissafin da biro. A ce kasuwa ta ba da -3, -1, 1, 3 da 5 cikin 100. A watannin nan wani kamfanin siminti na misali ya ba da -3, -3, 4, 3 da 9. Matsakaicin kasuwa 1 ne, na kamfanin 2. Idan aka cire matsakaici daga kowane wata, na kasuwa zai koma -4, -2, 0, 2, 4, na kamfani kuma -5, -5, 2, 1, 7. Sai a ninka na kowane wata da takwaransa: 20, 10, 0, 2, 28, jimla 60. Wannan 60 tana nuna yadda su biyun ke tafiya tare. Sannan a ninka na kasuwa da kansa: 16, 4, 0, 4, 16, jimla 40. A raba 60 da 40, a samu 1.5. Beta ke nan.

Ma'anarta tana buƙatar natsuwa. Beta 1.5 na cewa a watannin da aka duba, idan sakamakon kasuwa ya ɗaga da maki 2, na kamfanin yakan ɗaga da kimanin maki 3, a matsakaici; idan kasuwa ta faɗi, shi ma yakan faɗi ya zarce ta da rabi. Kalmar "a matsakaici" ita ce jigon maganar. A wata na uku kasuwa ta ba da 1, layin ya yi hasashen 2, amma kamfanin ya ba da 4. Waɗannan maki biyun da suka yi saura ba kasuwa ce ta kawo su ba, labarin kamfanin ne na kansa.

A nan R² ke shigowa. Tana amsa wata tambaya daban: cikin dukkan kai-komon da farashin kamfanin ya yi, kashi nawa ne layin ya bayyana? A misalin, idan aka ninka -5, -5, 2, 1, 7 kowanne da kansa aka tara, za a samu 104. Wannan shi ne dukkan kai-komon. Abin da layin ya ɗauke daga ciki shi ne 1.5 sau 1.5 sau 40, wato 90. Idan aka raba 90 da 104 za a samu kusan 0.87. Ke nan kashi 87 cikin 100 na motsin kamfanin ya bi kasuwa, kashi 13 nasa ne.

Yanzu a ɗauko kamfani na biyu, a ce na haƙar ma'adinai, wanda a watannin nan biyar ya ba da 1, -11, 2, 15 da 3. Matsakaicinsa shi ma 2 ne. Wanda ya maimaita lissafin zai sake samun 60, ya raba da 40, ya sake samun beta 1.5 daidai. A allon waya kamfanonin biyu tagwaye ne. Amma kai-komon wannan ya kai 340, layin kuma 90 ɗin nan dai ya bayyana, don haka R² ɗinsa kusan 0.26 ce. A takarda ɗigoginsa sun watse kamar geron da aka watsa wa kaji, layin yana ratsa fili ne kawai a tsakaninsu. A watan da kasuwa ta sauka da maki 1, shi ya zube da 11.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan. Na farko, ƙaramar R² ba ta nufin kamfanin ba shi da haɗari, kuma ba ta nufin kamfanin banza ne. Tana nufin yawancin haɗarinsa na cikin gida ne: rijiyar haƙa ta rufta, gwamnati ta soke lasisi, an gano sabon ma'adini. Irin wannan haɗari yakan dishe idan mutum ya baza kuɗinsa a kamfanoni da dama, domin masifar wani takan zo daidai da sa'ar wani. Amma wanda ya zuba duk ajiyarsa a kamfanin nan shi kaɗai, dukkan 340 ɗin ne a kansa, beta kuwa ba ta gaya masa komai game da 250 daga ciki ba. Saboda haka ne kamfanin haƙar zinari kan iya nuna ƙaramar beta alhali farashinsa na tsalle fiye da na banki.

Na biyu, idan ɗigogi sun watse, shi kansa layin ba shi da tabbas. Akwai lambar da ke auna wannan, wato ma'aunin kuskuren beta. A kamfanin siminti ta kai kusan 0.34, a na ma'adinai kuwa kusan 1.44. Beta 1.5 mai kuskuren 1.44 ba ta isa a rantse cewa kamfanin ma yana bin kasuwa ba.

Babu mai yin wannan da biro a watanni 60. A Excel, idan sakamakon kasuwa na jerin B, na kamfani na jerin C, ga abin da ake rubutawa:

```
=SLOPE(C2:C61,B2:B61)
=RSQ(C2:C61,B2:B61)
=LINEST(C2:C61,B2:B61,TRUE,TRUE)
```

Na farko ya ba da beta, na biyu R², na uku kuma ya haɗa har da ma'aunin kuskure. Kamfani ne ake fara sawa, kasuwa ta biyo baya. Wanda ya juya su zai samu wata karkata daban, R² kuwa ba za ta sauya ba, shi ya sa kuskuren ke wucewa ba a lura ba.

A zahiri, wace irin R² ake gani? Farfesa Aswath Damodaran na Jami'ar New York, a darussansa, ya auna Disney da S&P 500 daga 2008 zuwa 2013, ya samu beta 1.25, R² kusan 0.73, ma'aunin kuskure kuma 0.10. Ko da wannan tsaftataccen sakamako, abin da za a iya faɗa da ƙwarin gwiwa shi ne cewa betar gaskiya tana wani wuri tsakanin 1.05 da 1.45. Kuma 0.73 babba ce ƙwarai. Ta samu ne a shekarun rikicin kuɗi, lokacin da kusan komai ya faɗi tare ya tashi tare. Richard Roll, a wani bincike da ya wallafa a 1988, ya gano cewa ga manyan kamfanonin Amurka matsakaiciyar R² ba ta wuce kusan 0.35 ba a lissafin wata-wata, kusan 0.20 a na kullum.

Babbar R² ma tana iya yaudara. A wajajen shekarar 2000 Nokia ita kaɗai ta fi rabin darajar kasuwar Helsinki ta ƙasar Finland. Duk wanda ya auna Nokia da wannan ma'auni zai samu R² mai ban sha'awa, amma kusan yana auna Nokia ne da Nokia. Mai duba kasuwar Legas ya kamata ya riƙe wannan, domin ƙattai kaɗan irin su Dangote Cement, MTN Nigeria da Airtel Africa suna ɗauke da kaso mai tsoka na All-Share Index.

Ƙananan kamfanoni kuwa matsalarsu ta ɗaya gefen ce. Hannun jarin da kan yi kwanaki farashinsa bai motsa ba saboda ƙarancin ciniki zai riƙa nuna sifili alhali kasuwa na hawa da sauka, sai daga baya ya yi tsalle ɗaya ya cimma ta. Lissafin kullum zai ba shi beta ƙasa da ta gaskiya, ya yi kama da mai natsuwa. Myron Scholes da Joseph Williams a 1977, sannan Elroy Dimson a 1979, sun fito da hanyoyin gyara ta hanyar haɗawa da sakamakon kasuwa na ranakun da ke maƙwabtaka. Ga mai Excel a gida, komawa lissafin wata-wata yana rage matsalar sosai.

Saura tambayar ko betar jiya za ta yi aiki gobe. Kamfanin da ya ciwo bashi mai yawa, ko ya sayi wata sana'a daban, ba shi ne wanda aka auna shekaru biyar baya ba. Marshall Blume ya nuna a 1971 cewa betocin da suka yi nisa da 1 sukan matso kusa da ita a zango na gaba, wani ɓangare saboda kuskuren kintace ne ya kai su nesa tun farko. A kan wannan ne Bloomberg ke nuna beta iri biyu, ɗanya da gyararriya: ana ɗaukar kashi biyu cikin uku na ɗanyar, a ƙara kashi ɗaya cikin uku na 1. Da wannan gyara, 1.5 ta kamfanin siminti za ta sauko zuwa 1.33. Ta kamfanin ma'adinai ma 1.33 za ta koma, domin gyaran bai duba ma'aunin kuskure ba. A irin wannan hali masu nazari sukan ajiye lambar kamfanin gefe, su ɗauki matsakaiciyar betar kamfanoni da dama masu sana'a iri ɗaya, inda kurakuran kintacen ke kashe juna.