Iskar da ke tsare matakalar bene daga hayaƙi

A Wasagu, da ma sauran garuruwan ƙasar Zuru, idan gobara ta tashi mutum kan fito tsakar gida da taku kaɗan. Amma mutanenmu ba a Wasagu kaɗai suke kwana ba. Alhazai na sauka a otal masu hawa goma sha wani abu a Makka, ma'aikata na hawa benaye a Abuja da Kaduna, mai neman takarda a Kano kuma yakan shiga Gidan Murtala. A irin waɗannan gine-gine, idan wuta ta kama an hana shiga lif, hanyar tsira ɗaya ce, wato matakala. Ita kuwa matakala doguwar kafa ce daga ƙasa har sama, kuma hayaƙi mai zafi ba abin da yake nema kamar irinta.

Duniya ta ga haka a otal ɗin MGM Grand na Las Vegas ranar 21 ga Nuwamba, 1980. Wutar a ƙasa ta tashi, amma cikin mutum 85 da suka rasu yawancinsu a hawa na can sama aka same su, hayaƙin da ya bi matakala da ramin lif ne ya shaƙe su. Mu ma a nan mun ga dogon ginin kamfanin sadarwa na NET a Legas ya ci wuta a 1983, Cocoa House ta Ibadan kuma a 1985.

Dabarar da injiniyoyi suka tsaya a kai mai sauƙin faɗi ce. A sa babbar fanka ta zuƙo iska mai tsabta daga waje ta tura cikin matakala, har matsin iskar ciki ya ɗan fi na ɗakunan bene. Daga nan kowace kafa da ke jikin ƙofa iska za ta riƙa fitarwa, hayaƙi ba zai samu hanyar shiga ba. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12101-6, bugun 2005, ta sa wannan bambancin matsi a faskal 50 idan duk ƙofofi a rufe suke. Ta Amurka, NFPA 92, ta yarda da faskal 12.5 a ginin da ke da bututun feshin ruwa. Faskal 50 ba wani abu ba ne, daidai yake da nauyin ruwa mai zurfin milimita 5.

Wahalar tana wajen tambaya ɗaya: fankar mai wane girma? Taya mai huda ba ta riƙe iska sai ana ta bugawa, kuma yawan bugun ya danganta ne da girman hudar. To, hudar matakala ba girma ɗaya take tsayawa ba. Yanzu siririyar kafa ce a gefen ƙyaure, an jima kaɗan ƙofa ce a buɗe hangangan, mutane na tururuwa ta cikinta.

Bari mu ƙaddara bene mai hawa goma, ƙofa ɗaya a kowane hawa, ga kuma ƙofar fita waje a ƙasa. Kowane ƙyaure faɗinsa mita 0.9, tsayinsa mita 2.1, ramin ƙofar ya zama murabba'in mita 1.89. Lissafin duka a kan layi ɗaya yake tafiya:

```
Q = 0.83 × A × √ΔP
```

Q ita ce yawan iskar da ke wucewa, kubik mita nawa a daƙiƙa. A faɗin kafar ce da murabba'in mita, ΔP kuma bambancin matsi tsakanin ɓangarorin biyu da faskal.

A fara da lokacin da komai ke rufe. Ƙyauren da ke buɗewa zuwa cikin matakala, iska na danna shi jikin katakon ƙofa, don haka ana ƙiyasta kafarsa 0.01. Goma sun ba da 0.10. Ƙofar fita kuwa waje take buɗewa, iska na ture ta, sai a ba ta 0.02. Jimla 0.12. Idan aka sa wannan da faskal 50 a lissafin, za a samu kubik mita 0.70 a daƙiƙa. Ana ƙara rabin wannan adadi saboda kafofin da ba a gani a zane, irin tsagar bulo da ramin wayar lantarki da magini ya bari, sai ya koma kimanin 1.06. 'Yar ƙaramar fanka ke nan, kuma a nan ne mai son arha yake so lissafi ya tsaya.

Amma ba wanda ya taɓa tsira ta rufaffiyar ƙofa. Da an buɗe ƙofar waje, kafar ta tashi daga 0.02 zuwa 1.89. Wanda ya nace sai ya riƙe faskal 50 a haka zai buƙaci kubik mita 11 a daƙiƙa ta wannan ƙofa kaɗai, iska na gudun kusan mita 6 a daƙiƙa. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta 2005 ba ta nemi haka ba. A tsarinta, idan ƙofar hawan da ke cin wuta ta buɗe, ana daina auna matsi a wurin, a koma auna gudun iska: ta riƙa fita daga matakala zuwa cikin hawan da aƙalla mita 0.75 a daƙiƙa domin masu gudun tsira, ko mita 2 idan matakalar 'yan kwana-kwana ce, don su wutar da ta riga ta ƙasaita suke tunkara. A ƙofarmu, 0.75 sau 1.89 ya ba da kubik mita 1.42.

Ga wurin da ya kamata a nutsu. Iskar nan da ta shiga hawan dole ta samu mafita zuwa waje. In babu, cikin daƙiƙoƙi kaɗan matsin hawan zai yi daidai da na matakala, iska ta tsaya cik, hayaƙi ya yi shigarsa alhali fanka na ta ruri. Don haka ake sa taga ko kafa mai buɗe kanta a hawan da wuta take. Ana auna ta yadda iska za ta fita da gudun mita 2.5 a daƙiƙa, wato 1.42 a raba da 2.5, kimanin murabba'in mita 0.57. Tura iska ta wannan taga yana cin faskal 9, ta ƙofar kanta kuma kusan 1. Ashe matakala na bukatar kimanin faskal 10 kafin wancan gudu na 0.75 ya samu.

Yanzu a haɗa da abin da ke faruwa a zahiri: ƙofar hawan wuta a buɗe, ƙofar waje ma a buɗe don mutane na fita. Faskal 10 ɗin nan sai an riƙe shi duk da wannan gagarumin rami na ƙasa.

```
0.83 × 1.89 × √10 = 4.96
1.42 + 4.96 + 0.35 = 6.73
6.73 × 1.15 = 7.7
```

Layin farko iskar da ke zubewa ta ƙofar waje ce. A na biyu an haɗa ta da ta ƙofar hawan wuta da kuma 0.35 na sauran ƙofofi tara da ke rufe, har da ƙarin rabin nan na kafofin da ba a gani. A na uku an ƙara kashi 15 cikin ɗari domin yoyon bututu. Fankar da ake bukata ta tashi daga 1.06 zuwa 7.7, ninki bakwai. A lura kuma da cewa kaso mafi tsoka ba ƙofar wutar ce ke cinye shi ba, ƙofar titi ce. Saboda haka wace ƙofa da wace za a ɗauka a buɗe suke lokaci guda, wannan ne hukunci mafi nauyi a zanen. Ofis da kowa zai fita tare daban yake da otal ko asibiti inda mutane ke barci, suna fitowa a hankali suna barin ƙofofi a buɗe.

Sai dai babbar fanka tana zuwa da nata hatsarin, kuma a ganina ya fi na ƙaramar muni. Mutane sun wuce, ƙofofi sun rufe, fanka na ci gaba da tura iskar da aka auna don buɗaɗɗun ƙofofi. Matsi zai haura ɗaruruwan faskal, kuma wanda ya zo daga baya dole ya tura ƙyaure yana faɗa da wannan iska. Ƙa'idar Turai ta ce ƙarfin da ake sawa a mariƙin ƙofa kada ya wuce niyutan 100, kamar ɗaga kilo goma. A ƙyaurenmu, faskal 50 na cin kimanin niyutan 51. A ƙara 40 na sifirin da ke mayar da ƙyaure, an kai 91. Matsin ya kai faskal 60 kawai, an ƙetare iyaka. A faskal 200 kuwa, sai mai iya ture kilo 25 da hannu ɗaya. Tsohuwa ko yaro ba za su iya ba, za su tsaya ne cikin hayaƙi a bakin matakala mai iska tsaf.

Maganinsa hanya biyu ne. Ko a sa murfi mai nauyi a saman matakala wanda iska ke ɗagawa da kanta idan ta wuce faskal 50, rarar ta fita waje. A misalinmu rarar kusan kubik mita 5.7 ce, tana son kafa ta kimanin murabba'in mita 1. Ko kuma a sa na'urar auna matsi da ke rage gudun fanka, wadda ƙa'ida ta ba daƙiƙa 3 ta daidaita bayan buɗewa ko rufewar ƙofa. A ƙasarmu ni na fi karkata ga murfin, don ba ya neman wuta kuma makaniki na iya duba shi da ido. Amma shi ma ƙurar hunturu na daskarar da maɗaurinsa idan ba a share shi.

Zafinmu ma yana shiga lissafi. A watan Afrilu, waje na digiri 42, ofis mai na'urar sanyaya ɗaki na 24, bambancin nauyin iskar biyu yakan kai kusan faskal 0.67 a kowace mita ta tsayi. A bene mai mita 30 faskal 20 ke nan tsakanin ƙasa da sama, alhali tazarar da muke da ita kafin ƙyaure ya gagara 10 ce kawai. Wannan na cikin dalilan da ba a zuba iskar duka ta baki ɗaya, ana raba ta ta bututu da baki aƙalla a kowane hawa uku. Bakin zuƙo iskar kuma a nisanta shi da inda hayaƙi zai fito, balle salansar janareto.

Lissafin takarda ba ya zama gaskiya sai an gwada a ginin da aka gama. Ana kunna fanka, a zura siririn tiyo ta ƙarƙashin ƙyaure a karanta matsi a hawan ƙasa, na tsakiya da na sama. A buɗe ƙofofin da zane ya ƙaddara, a auna gudun iska a wurare da dama na ramin ƙofa, don ba daidai take wucewa ba. A saƙala sikelin sifirin a mariƙi a ga ƙarfin da ƙyaure ke ci. Sannan a yanke wutar gari da gangan a ga ko janareto zai ɗauki fankar da kansa. Bayan haka sauran aikin na mai kula da gini ne, domin ƙofa ɗaya da masinja ya tokare da bulo don shan iska tana da faɗin murabba'in mita 1.89, ya ninka kafofin dukan rufaffun ƙofofin ginin fiye da sau goma sha biyar, kuma ba ta cikin lissafin da aka sayi fankar da shi.