Zolayar Uba A Ranar Baikon Ɗansa

A Birtaniya da Amurka, wurin liyafar baiko, uba yakan miƙe da kofi a hannu, ya yi jawabin minti biyu ko uku. Yawanci da zolaya ake farawa, kuma idan ɗan ma'abocin barcin safe ne, to, abin faɗa ya samu.

Uban yakan kawo labari guda da 'yan gida suka sani, kamar ranar da ƙararrawar agogo ta tashi kowa har da maƙwabta, amma gogan naka yana ta minshari. Daga nan sai ya juya zancen ya zama yabo: tun da yaron ya haɗu da wannan yarinya, har sammako yake yi don ya kai ta wurin aiki. Sai a ɗaga kofuna, a yi musu fatan alheri.

Inda ake kuskure shi ne a danganta barcin da lalaci ko rasa aiki a gaban surukai. Idan dariya ta ɗauke, ɗan ya sunkuyar da kai, an wuce gona da iri. Zolaya ɗaya ta wadatar, yabon ya fi ta tsawo.