Dalilin da Ya Sa Fatalwoyin Pac-Man Ba Sa Farauta Iri Ɗaya

Idan ka taɓa ganin yara na kamun kaza a tsakar gida, ka riga ka san rabin abin da za mu tattauna. In dukansu suka bi bayanta a jere, sai su wuni suna zagaye, kaza na gaba suna baya. Amma da ɗaya ya bi ta, ɗaya ya sha gabanta, wani kuma ya tare bakin zaure, nan da nan za ka ji ta a hannu. Wannan matsalar ce ta fuskanci Toru Iwatani da abokan aikinsa a kamfanin Namco na ƙasar Japan, lokacin da suke haɗa wasan Pac-Man da ya fito a 1980. Ɗan wasa yana tuƙa wani ɗan ƙwallo rawaya mai baki cikin lunguna yana cinye ƙwayoyi 244, fatalwoyi huɗu kuma na nemansa. Da a ce dukkansu bayansa suke bi, da sun zama jerin gwano, wasan ya gundure ka cikin minti biyu. Shi ya sa aka raba musu aiki. Bari mu bi yadda aka yi rabon.

Ka fara da sanin cewa a wurin na'urar, fuskar allon gurabe ne ƙanana masu kusurwa huɗu, 28 a kwance, 36 a tsaye. Kowane abu da ke motsi yana cikin gurbi ɗaya a kowane lokaci. Fatalwa ba ta ganin Pac-Man yadda kake ganinsa, kuma ba ta tsara hanya daga inda take har zuwa inda yake. Na'urorin wancan zamani ba su da wadatar ƙwaƙwalwar da za a yi ta kashewa kan dogon lissafi. Abin da aka ba kowace fatalwa shi ne gurbi guda ɗaya da take hari, sai ƙa'ida ɗaya ta zaɓen hanya.

Ga ƙa'idar. Fatalwa ba ta juyawa baya da kanta. Gaba kawai take yi. In ta tunkaro mararraba, sai ta duba gurbin farko na kowace hanya da ke buɗe, ta auna nisansa da gurbin da take hari a miƙe, kamar babu bango a tsakani, ta ɗauki wadda ta fi kusa. A ce gurbin harin yana gurbi uku zuwa dama da huɗu zuwa sama. In ta hau sama, saura uku da uku. Ninka kowanne da kansa ka haɗa, 9 da 9, ka sami 18. In ta yi dama, saura biyu da huɗu, wato 4 da 16, jimla 20. In ta yi hagu, huɗu da huɗu ne, 32. Sama ce ta fi ƙanƙanta, don haka sama za ta bi. In hanya biyu suka yi kunnen doki, sama ake fifitawa, sai hagu, sai ƙasa, dama ce ta ƙarshe. Lura da kyau: tun da ba ta lissafa bango, wani lokaci hanyar da ta zaɓa ta fi tsawo. Wannan ne ya sa za ka ga fatalwa ta kusa cafke ka, sai ta karkata wani lungu kamar ta manta da kai.

To, fatalwoyin huɗu duk wannan ƙa'idar suke bi, babu wadda aka fi ba wayo. Babban bambancinsu shi ne inda kowacce take ajiye gurbin harinta. Daga wannan ne duk halin da kake gani ya fito.

Ja, wadda ake kira Blinky, ita ce mafi sauƙin ganewa. Gurbin da Pac-Man yake ciki shi ne harinta, ba ƙari ba ragi. Don haka kusan kullum a bayanka take, tana bin sawu. An kuma ƙara mata wani abu: a matakin farko, in ƙwayoyi suka rage 20 sai ta ƙara sauri, in suka rage 10 ta sake ƙarawa, don kada ƙarshen mataki ya zama hutu.

Mai ruwan hoda, Pinky, tana harin gurbi na huɗu a gaban Pac-Man, a ɓangaren da ya fuskanta. Ka ga ke nan tana nufin inda za ka je, shi ya sa take yawan ɓullo maka ta gaba yayin da Ja ke baya. Amma wannan dabara tana da rauni. In ka fuskance ta gaba da gaba, tazararku ba ta kai gurbi huɗu ba, gurbin harinta ya koma bayanta ke nan. Tun da ba ta iya juyawa, in akwai mararraba a tsakaninku sau da yawa sai ta kauce ta ba ka hanya. Gwanayen 'yan wasa suna amfani da wannan da gangan.

Shuɗiya, Inky, ita ce ke rikita mutane, domin lissafinta ya dogara da abu biyu: inda Pac-Man yake da inda Ja take. Ana ɗaukar gurbi na biyu a gaban Pac-Man, a ja layi daga Ja zuwa wannan gurbin, sannan a ci gaba da jan layin har ya ninka tsawonsa. Inda ya tsaya, nan ne harin Shuɗiya.

Mu gwada da lambobi, ka ga abin da idonka. A ce Pac-Man yana gurbi na 12 daga hagu, na 8 daga sama, ya fuskanci dama. Ja tana na 6 daga hagu, na 11 daga sama. Harin Ja shi ne 12 da 8. Harin Mai ruwan hoda 16 da 8. Don Shuɗiya, gurbi biyu a gaban Pac-Man shi ne 14 da 8. Daga Ja zuwa can, taku takwas ne zuwa dama da uku zuwa sama. Ƙara wani takwas da uku daga nan, sai ka sauka a 22 da 5, can gaba nesa da Pac-Man. Ko gurbin ya faɗa cikin bango babu damuwa, tun da auna nisa kawai ake yi da shi.

Yanzu Pac-Man ya juya hagu, bai ma gusa ba. Harin Ja bai canza ba. Na Mai ruwan hoda ya koma 8 da 8. Na Shuɗiya kuwa, gurbi biyu a gaba ya zama 10 da 8. Daga Ja huɗu dama uku sama ne, ninki ya kai mu 14 da 5. Juyi ɗaya ya matsar da harinta gurbi takwas. Sai kuma ka ɗauka Pac-Man na kallon dama kamar da, amma Ja ta iso dab da bayansa, a 11 da 8. Layin ya gajarta zuwa taku uku, harin Shuɗiya ya zama 17 da 8, gurbi biyar kacal a gabansa. Abin da wannan ke koya maka shi ne, in Ja na nesa, Shuɗiya yawo take a wani gefe. In Ja ta matso, ita ma ta matso, kuma ta gaba. Duk wanda ke son sanin inda Shuɗiya za ta nufa, Ja ya kamata ya duba.

Ta huɗu, Mai ruwan goro, wadda ake kira Clyde, zuciya biyu gare ta. In tana nesa da Pac-Man fiye da gurbi takwas, tana harinsa kai tsaye kamar Ja. Da ta shigo cikin wannan tazarar, sai harinta ya koma kusurwar hagu ta ƙasa. Ta nufi can, ta yi nisa, tazara ta wuce takwas, ta sake dawowa. Haka take kai da komo, har ka ɗauka tsoronka take ji. Sai dai kada ka sake da ita in kana cikin wannan kusurwar ko kana kan hanyarta ta zuwa can, domin a lokacin gudunta da farautarta wuri ɗaya suka nufa.

Akwai wani kuskure a manhajar asali da ya kamata ka sani, don kada lissafinka ya ƙi fita. In Pac-Man ya fuskanci sama, harin Mai ruwan hoda ba ya tsayawa a gurbi huɗu sama; yana ƙara gusawa huɗu zuwa hagu. Dalili kuwa, an ajiye lambar kwance da ta tsaye manne da juna, ana lissafa su kamar lamba ɗaya, to a wannan fuskar sai lissafin ɗaya ya malala cikin ɗayar. Shuɗiya ma abin ya shafe ta: gurbin da ake jan layi zuwa gare shi yakan zama biyu sama, biyu hagu. In ka ga Mai ruwan hoda ta karkata hagu alhali kana hawa sama, wannan kuskuren ne kake kallo.

Saura abu ɗaya. Farautar ba ta ɗorewa ba tsayawa, domin masu haɗa wasan sun ga matsi marar yankewa yana gajiyar da mutum. A matakin farko, fatalwoyi suna watsewa na daƙiƙa 7, su yi farauta na daƙiƙa 20, su maimaita haka, sannan watsewar ta ragu zuwa daƙiƙa 5 sau biyu, daga nan farauta ce har ƙarshen mataki. Watsewar ma da wannan ƙa'idar ake yin ta: an ba kowacce gurbin hari a wajen lunguna, inda ba za ta taɓa kaiwa ba, sai ta yi ta zagaye kusurwarta. Ja tana dama ta sama, Mai ruwan hoda hagu ta sama, Shuɗiya dama ta ƙasa, Mai ruwan goro hagu ta ƙasa. Alamar sauyin a fili take: duka suna juyawa baya lokaci guda. In kuma ka ci ɗaya daga manyan ƙwayoyi huɗu, sukan zama shuɗaye su bar hari gaba ɗaya, su riƙa zaɓen hanya da wani lissafi mai kama da ƙuri'a.

Tun da duk wannan ƙa'ida ce tsayayya, in ka maimaita motsinka daidai, fatalwoyi ma za su maimaita nasu. 'Yan wasa sun gano haka, suka haddace hanyoyin da ke cinye mataki ba tare da an kama su ba, abin da ya sa a wasan Ms. Pac-Man da ya biyo baya aka sa wa wasu fatalwoyin ɗan motsi marar tabbas. Kai kuma ba sai ka haddace komai ba. In ka sami wasan, zaɓi fatalwa ɗaya ka sa mata ido tsawon mataki guda, kana faɗin inda za ta karkata kafin ta isa mararraba. Fara da Ja, sai Mai ruwan hoda, sai Mai ruwan goro, ka bar Shuɗiya a ƙarshe, domin ba za ka iya karanta ta ba sai ka saba da Ja.